Buɗe Sabon Reshe Ko Faɗaɗa Aiki: Dalilin Da Ke Sa A Karanta Takardar Neman Ciniki

KONTAGORA — Mafi yawan takardun neman ciniki da ake kai wa ofisoshi da gidajen attajirai ba sa wuce teburin sakatare. Ba don rashin kyan rubutu ba ne, ko kuwa don kayan mai takardar ba su da inganci. Abin da ke kashe su shi ne, wanda aka aika wa bai ga dalilin da zai sa ya karanta su a wannan rana ba. Takardar da ta buɗe da cewa "muna farin cikin gabatar muku da kamfaninmu" ana iya aika ta bana, ana iya aika ta baɗi, kuma ana iya aika wa kowa. Saboda haka ne mai karɓa yakan ajiye ta har sai ya sami sukuni, sukunin da galibi ba ya zuwa.

Akwai wata dabara da masu harkar sayarwa suka daɗe suna amfani da ita don kauce wa wannan matsala. Ita ce mutum ya jira har wani sabon al'amari ya faru ga wanda yake son yi wa rubutu, kamar buɗe sabon reshe, ko ƙara gini, ko samun kwangila, ko sauyin shugabanci, sa'an nan ya sa wannan al'amari ya zama dalilin takardarsa. Hikimar abin a bayyane take. Kamfanin da ke zaune yadda ya saba yana da mutanen da ya saba saye a wurinsu, kuma ba ya neman wasu. Amma wanda ya shiga sabon aiki, ko ya zo sabon gari, yana da bukatun da ba shi da su jiya, an ware musu kuɗi, an kuma sa musu rana. A wannan ɗan tsakani ne kaɗai baƙon ɗan kasuwa yake da damar a saurare shi.

Sai dai dabarar tana da sharuɗɗa. Garin Kontagora, hedkwatar masarautar Sarkin Sudan a Jihar Neja, ya ba da misalin da ya isa a duba su da shi.

Daga kwaleji zuwa jami'a

An kafa babbar makarantar horon malamai ta Gwamnatin Tarayya a Kontagora a shekarar 1978, wadda daga baya aka san ta da Kwalejin Ilmi ta Tarayya. A wa'adi na biyu na mulkin Shugaba Muhammadu Buhari, wato tsakanin 2019 da 2023, aka ɗaga matsayinta zuwa Jami'ar Ilmi ta Tarayya. Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan labari zai fahimci cewa akwai ciniki a ciki: ɗakunan karatu, kujeru, takardu, abinci, wurin kwana. Tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ita ce, wane ne wannan sauyi ya jawo wa sabuwar bukata, kuma wane ne daga cikinsu yake da ikon sayen abu don kawai wata takarda ta gamsar da shi?

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure na farko. Sukan rubuta wa shugaban makarantar kai tsaye, su taya shi murna, su kuma roƙi a ba su aikin kawo kaya. To, makaranta irin wannan hukumar Gwamnatin Tarayya ce, kuma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ɗaure ta. Manyan ayyukanta sai an yi shelarsu a jaridu, masu sha'awa su shigar da takardun neman kwangila a rufe, a buɗe su a gaban jama'a. Ana neman takardar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da wasu takardun shaida na fansho da makamantansu. Yawancin manyan gine-ginen irin waɗannan makarantu kuma da kuɗin Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu ake yin su, wato TETFund, wanda shi ma yana da nasa ƙa'idojin. Takardar murna, komai kyanta, ba ta ɗauke ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Iyakar abin da za ta iya yi a irin wannan wuri shi ne ta nemi bayanin yadda ake rajistar masu kawo kaya a sashen da ke kula da saye. Wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne, amma ba ciniki ba ne tukuna.

Inda takardar take da ƙarfi shi ne wurin waɗanda sauyin ya shafa a mataki na biyu. Na farko, ɗan kwangilar da ya riga ya ci aikin gini a cikin makarantar, musamman in daga Kaduna ko Abuja ko Minna ya zo. Shi kuɗinsa ne, ikonsa ne, kuma bai san wanda ke sayar da yashi mai kyau ko bulo mai ƙarfi a Kontagora ba. Na biyu, mai filin da ke kusa da makarantar, wanda ya ga ɗalibai za su ƙaru ya fara gina ɗakunan haya. Na uku, masu shagunan buga takardu da gidajen abinci da ke ƙara wuri. Waɗannan duka suna iya yanke shawara a zama ɗaya, ba tare da kwamiti ba.

Lissafin lokaci

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai mai gidan walda a Kontagora, yana da yara huɗu, yana yin ƙofofi da tagogi na ƙarfe. Ya lura wani Alhaji ya fara haƙa harsashin gini a wani fili da ke kan hanyar jami'ar, ya tambayi birkilan da ke wurin, suka ce masa ɗakunan haya ne na ɗalibai, guda 24. Alƙaluman nan na misali ne, amma yadda za a yi lissafin haka yake a ko'ina.

Ɗaki 24 yana nufin ƙofa 24 da taga aƙalla 24, ban da babbar ƙofar shiga da ƙarfen da za a ɗora tankin ruwa. In gidan waldar yana iya gama ƙofa huɗu da taga huɗu a mako, aikin zai ci mako shida. A ƙara mako guda na sayo ƙarfe, a ƙara wani mako saboda ɗaukewar wuta da lalacewar janareto, wanda duk mai walda ya san ba a rasa shi. Mako takwas ke nan. Su kuwa ƙofofi da tagogi ana kafa su ne kafin a yi wa bango shafen siminti. Ma'ana, mai ginin dole ya ba da aikin kimanin wata biyu kafin a zo shafe, kuma ya fara tunanin wanda zai ba tun kafin wannan lokaci. Don haka takardar mai walda ya kamata ta isa tun ana harsashi, ko ana jera bulo na farko. In ya jira sai an ɗora rufi, ya makara, domin a lokacin an riga an ba wani kuɗin kafin alƙalami. In kuwa ya jira ranar da za a yi walimar buɗe gida, to sai dai ya ci shinkafa ya yi addu'a ya koma.

Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan mutane game da dabarar. Ranar da labari ya fi yin ƙara, wato ranar yanke ƙyalle da jawabai da 'yan jarida, ita ce ranar da aka riga aka gama sayen yawancin abubuwa. Kowace sana'a tana da nata lokacin a cikin aiki guda. Mai yashi da mai bulo lokacinsu shi ne ranar da aka share fili. Mai walda da mai kayan wuta suna biye. Mai katifa da labule lokacinsu na zuwa in an fara fenti. Mai kawo ruwa, da mai kwashe shara, da mai gyaran janareto, su ne kaɗai ranar buɗewa take yi wa daidai, domin bukatarsu ba ta farawa sai mutane sun tare.

Babban aiki yana nuna wannan a sarari. An ƙaddamar da ginin madatsar ruwa ta Zungeru, mai ƙarfin megawat 700, a shekarar 2013, kuma kamfanonin ƙasar Sin ne suka yi aikin. Sai a farkon 2024 aka miƙa tafiyar da tashar ga wani kamfani na rukunin Mainstream Energy Solutions, wanda tun 2013 yake riƙe da tashoshin Kainji da Jebba. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai fiye da shekara goma. Wanda ke sayar da tsakuwa ko yake ba da hayar tifa, dalilinsa na rubutu ya zo ne a farkon aikin, kuma ɗan kwangilar gini zai rubuta wa. Wanda ke ba da aikin tsabtace ofis ko kawo abincin ma'aikata na dindindin, nasa dalilin bai zo ba sai da aka sami sabon mai tafiyar da tashar. Aiki ɗaya ne, amma mutanen da za a rubuta wa daban, shekarun ma daban.

Yadda takardar za ta kasance

Mu koma ga mai waldarmu. Ga irin abin da zai iya rubutawa:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na bi ta hanyar jami'a ranar Litinin na ga an fara harsashin gini a filinka, birkilan da ke wurin suka ce mini ɗakunan ɗalibai ne guda 24. Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya. Ni mai walda ne a nan cikin gari. Ƙofofi da tagogin ɗakuna 24 suna cin kimanin wata biyu kafin a haɗa su, kuma ana bukatar su kafin a yi shafe, shi ya sa na ga ya dace in rubuto tun yanzu. Bara na yi ƙofofin wani gidan haya mai ɗaki 16 a unguwarmu, mai gidan ya yarda a je a duba. In ranka ya daɗe ya amince, zan kawo ƙofa guda wurin ginin ranar Alhamis da hantsi, kai ko injiniyanka ku ga kaurin ƙarfen da hannunku. Na gode."

Takardar gajera ce, amma kowace jimla tana da aikinta. Ta fara da abin da ya shafi Alhaji, ba da tarihin mai walda ba. Ta faɗi abin da aka gani da inda aka ji sauran. Addu'ar alheri ta zo a jimla ɗaya, kamar yadda al'ada ta tanada, ba a mai da ita kirari ba. Daga nan sai jimlar da ita ce ƙashin bayan takardar, wadda ta haɗa ginin Alhaji da sana'ar mai rubutu ta hanyar lissafin wata biyu. Idan aka cire wannan jimla, abin da ya rage gaisuwa ce da talla waɗanda ba abin da ya haɗa su. Hanya mai sauƙi ta gwada kowace takarda irin wannan ita ce a goge ambaton sabon ginin ko sabon reshen, a sake karantawa. In sauran takardar ta tsaya daram ba abin da ya ragu, to ambaton ado ne kawai, kuma mai karɓa zai gane haka.

Abin da aka roƙa a ƙarshe shi ma ƙarami ne. Ba a ce a ba da aikin ba, an ce a duba ƙofa guda a rana kaza. Mutum yana iya amsa wannan da kalma ɗaya ba tare da ya ɗaure kansa ba.

Za a lura ba a sa farashi ba. Da gangan ne. Mai walda bai ga zanen ginin ba, bai san faɗin ƙofa ko kaurin ƙarfen da ake so ba. Bugu da ƙari, bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, farashin ƙarfe da na sufuri ya yi ta sauyawa cikin ɗan lokaci, kuma masu sana'a da dama sun ga yadda farashin da aka faɗa da wuri yake zama igiya a wuyan mai shi. Takardar ƙiyasin farashi tana zuwa ne bayan an auna, kuma a rubuta a jikinta adadin kwanakin da za ta yi aiki.

Faɗin inda aka ji labari

Akwai dalili na musamman da ya sa mai rubutu a wannan yanki zai bayyana yadda labari ya iso masa. Ƙananan hukumomin da ke kewaye da Kontagora, irin su Mariga da Rijau da Magama, sun sha fama da 'yan bindiga da masu satar mutane don karɓar fansa. Mutumin da ya sa miliyoyi a gini ba zai ji daɗin takardar baƙo da ta nuna an san yawan ɗakunansa, da sauran gidajensa, da lambar wayarsa ta sirri ba. Abin da mai rubutu ya ɗauka ƙwazon bincike ne, mai karɓa yana iya ɗaukarsa leƙen asiri. Don haka a tsaya ga abin da kowane mai wucewa zai iya gani, ko abin da aka yi shelarsa a rediyo ko jarida, a kuma faɗi hakan a fili. Kada a ambaci kuɗin da ake jin an kashe, ko bankin da ake jin ya ba da rance, ko da kuwa an sani.

Saboda wannan dalilin ne kuma ya fi kyau takardar ta bi ta hannun wanda Alhaji ya sani, kamar shugaban birkilan ginin ko mai sayar masa da siminti. A ƙasar Hausa takarda ba ta maye gurbin mai gabatarwa. Amfaninta shi ne ta riƙe bayanin yadda yake, don kada mai kai saƙo ya rage ko ya ƙara. Haka yake ko da saƙon waya aka aika maimakon takarda: a fara da sunan wanda ya ba da lambar.

Ba kowane labari ne ya dace ya zama dalili ba. Gobarar kasuwa tana jawo bukatar ƙofofi da rumfuna fiye da kowane sabon gini, rasuwar mai kamfani kuma tana kawo sabon mai yanke shawara. Amma wanda ya haɗa jaje ko ta'aziyya da talla a takarda ɗaya ya ɓata sunansa a gari, kuma ba a mantawa da irin wannan. A je a yi jaje kamar kowa, a bar maganar ciniki sai mai abu ya tayar da ita.

Jita-jita ma ba dalili ba ce. Alƙawarin da aka yi a taron siyasa, ko filin da aka kafa wa allo shekara uku ba a sauke ko tifar yashi ɗaya ba, ba su haifar da bukatar da za a biya da kuɗi ba. Alamun da ake dogara da su su ne waɗanda kuɗi ya riga ya taɓa: kayan gini a ƙasa, ma'aikata a wurin, sanarwar ɗaukar ma'aikata, ko shelar kwangila a jarida.

Batun reshen banki

Sabon reshen banki shi ne misalin da aka fi kawowa, shi ne kuma wanda ya fi yaudarar ƙananan 'yan kasuwa. Banki ba ya buɗe reshe sai da amincewar Babban Bankin Nijeriya, kuma kafin a ga allonsa a bakin titi hedkwata, wadda galibi a Legas take, ta riga ta tsara kusan komai. Kujeru, na'urori, launin fenti, kamfanin masu gadi, duk iri ɗaya ne da na sauran rassa, kuma daga can ake ba da su. Haka abin ya kasance lokacin haɗewar bankuna ta 2005, sa'ad da yawansu ya ragu daga 89 zuwa 25: an sauya alluna da fenti a rassa a duk faɗin ƙasa, amma ba manajojin rassa ne suka raba aikin ba. A watan Maris na 2024 Babban Bankin ya sake umartar bankuna su ƙara jari, ya sa musu wa'adin 31 ga Maris na 2026, kuma duk inda irin wannan umarni ya kai ga haɗewa, ƙa'idar ba ta sauyawa.

Wannan ba ya nufin babu abin samu. Manajan da aka turo Kontagora daga wani gari yana bukatar gidan haya, shi da ma'aikatansa. Reshen yana bukatar ruwa, da ƙananan gyare-gyare na famfo da wuta da ba za a jira mutum daga Legas ya zo ya yi ba. Ɗan kwangilar da aka ba gyaran ginin yana bukatar yashi da leburori a gari. Takardar da za ta yi amfani ita ce wadda ta zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ta nufi wanda abin yake hannunsa. Irin wannan takarda da Turanci ake yin ta, a kan takarda mai ɗauke da sunan kamfani da lambar rajista, domin za a sa ta a fayil. In mai rubutu yana shakkar inda ikon yake, ya halatta takardar ta tambaya kai tsaye: wannan abu a reshe ake yanke shi ko a ofishin shiyya, kuma wa ya kamata a tuntuɓa? Manaja yakan amsa wannan tambaya cikin sauƙi, tunda ba ta ci masa komai ba.

In ba a sami amsa ba

Shirun mai karɓa ba ƙi ba ne a kowane lokaci. Mai waldarmu, in ranar Alhamis ta wuce bai ji komai ba, ba zai sake aika takardar farko ba, ba kuma zai rubuta cewa yana tunatarwa ba. Ginin da kansa zai ba shi sabon dalili. Idan bango ya kai tsayin taga, sai ya aika gajeren saƙo cewa ya ga aiki ya kai nan, saura kimanin mako kaza a zo shafe, kuma ƙofar gwajin tana nan a shirye. Wannan saƙo na biyu yana da nasa labarin, don haka ba naci ba ne. Idan ya wuce wata rana ya ga an kafa ƙofofin wani, ya san wannan zagaye ya ƙare. Abin da ya rage masa a wurin shi ne babbar ƙofar shiga da ƙarfen tankin ruwa, waɗanda galibi sai ƙarshen gini ake ba da su, kuma yana iya rubutawa a kansu kaɗai idan aka fara katanga.